Jelatin a Teburin Mai Tireda: Wa Ke da Nauyin Tambaya?

Duk wanda ya taɓa kwana da tukunyar farfesun ƙafar sa ya san abin da za mu yi magana a kansa, ko da bai taɓa jin sunansa na boko ba. Uwar gida ta dafa ƙafa da dare, an ci an rage, aka sa a firji ko aka bar ta a tsakar gida cikin sanyin hunturu. Da safe aka buɗe tukunya, romon nan da ke ta gudu jiya ya tsaya cak, yana rawa, har ana iya yanka shi da cokali. Aka ɗora a wuta, ya koma ruwa. To, abin nan da ya kama romo ya daskarar da shi, shi ne jelatin. Iyayenmu sun daɗe da saninsa a tukunya kafin ya dawo mana a cikin leda daga ƙasashen waje.

Abin da ya ɗauko mu ga wannan batu shi ne gardamar da ta tashi kwanan baya a nan Sabo, a wata majalisa bayan la'asar. Wani yaro ɗan sakandare ya sayo wa ƙannensa alawar nan mai danƙo, mai siffar 'yan dabbobi, ya karanta bayan ledar, ya dawo ya ce wa mai tiredar: "Baba, wannan fa an ce da alade ake yin ta." Dattijon ya fusata. Ya ce shekara da shekaru yana zaune a kan wannan teburi, babu wanda ya taɓa cewa ya ciyar da ɗan wani haram. Kafin magariba magana ta zaga layi uku. Wasu iyaye suka hana yara zuwa wurinsa, wasu suka ce duk surutu ne. Aka watse ba a gane wa ke da gaskiya ba, domin cikin masu gardamar babu wanda ya san ainihin mene ne abin da ake gardama a kai. Mun ga ya kamata mu fara daga nan, sannan mu je ga tambayar da ta fi nauyi.

Mene ne shi, kuma daga ina?

A jikin kowace dabba akwai wani sinadari mai ƙarfi kamar zare da ake kira kolajin. Shi ne ke riƙe da fata, shi ne jijiya, shi ne guringuntsi, kuma shi ne sassaƙen da ƙashi ya ginu a kansa. Ɗanyensa ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ganda ke da tauri. Amma idan aka daɗe ana dafa shi, zaren nan da ya tufku gida uku sai ya warware ya bi ruwa. Idan ruwan ya huce, zarurrukan su sake kama juna sama-sama, su riƙe ruwan a tsakaninsu kamar raga. Kolajin da ya warware ta wannan hanya shi ne jelatin.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, wai da kofato da ƙaho ake yin sa. Ba haka ba ne. Kofato da ƙaho dangin gashi ne da farce, wani sinadari ne daban, ko kwana nawa suka yi a wuta ba za su ba da shi ba. Abin da ke daskarar da farfesun ƙafa shi ne fatar ƙafar da jijiyoyi da ƙashin da ke ciki.

Masana'antu kuwa daga wuri uku suke samo mafi yawansa: fatar alade, ƙirgin shanu, da ƙashi, wanda yakan zama na shanu ko na alade. Akwai na fatar kifi da ɓawonsa, amma ɗan kaɗan ne a kasuwar duniya. Cikin ukun nan fatar alade ce ta fi kowanne yawa, kuma akwai dalili. Ana yanka alade yana ƙarami, zaren fatarsa bai yi tauri ba, don haka jiƙa ta a ruwan asid na kwana ɗaya ko makamancin haka ya isa. Ƙirgin sa kuwa sai an jiƙa shi a ruwan farar ƙasa na makonni, wani lokaci har wata biyu ko fiye, kafin ya saki. Ƙashi ya fi duka wahala: a farfasa shi, a cire maiƙo, a jiƙa a asid har ƙarfinsa na dutse ya narke ya bar wani abu mai laushi kamar soso, sannan shi ma a bi da shi ta farar ƙasa. Kun ga ke nan na alade ya fi sauri, ya fi arha. Babu wata maƙarƙashiya a ciki, lissafin kasuwa ne kawai.

Bayan jiƙon sai a wanke, a dafa a ruwan zafi zango-zango, ana ƙara zafin ana ɗebe romo. A tace romon, a ƙafar da shi, a busar, a niƙa. Abin da ke fitowa gari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, ko falle mai haske kamar gilashi, ba wari, ba ɗanɗano. Kaɗan ɗinsa na da aiki: giram 7, wato bai cika cokalin cin abinci ba, ya isa ya daskarar da rabin lita na ruwa. Kuma yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 35. Wannan ne sirrin da ya sa masu yin alawa ba sa son rabuwa da shi: a hannu yana da danƙo, a baki ya narke.

Ina ake samun sa, ina kuma ba a samu?

Wurin da ya fi yawa shi ne alawa mai danƙo da yara ke so, da farar alawar nan mai laushi kamar auduga da ake kira mashmalo, da garin jeli da ake kwaɓawa a sa a firji. Yakan shiga wasu nau'o'in yogot, musamman waɗanda aka rage wa maiƙo, domin ya ba su kauri. Yakan shiga wasu askirim, da kirim ɗin da ake yi wa kek ado da shi, da naman gwangwani mai ɗan jeli a gefe. Wasu kamfanonin ruwan 'ya'yan itace kan yi amfani da shi wajen tace ruwan tuffa ya yi garau, sannan a tace shi ya fita. Sai kuma babban wuri da mutane ba sa tunawa, wato magani. Kwanson kafso, mai tauri da mai laushi irin na man kifi da bitamin, mafi yawansa jelatin ne.

Amma fa ba duk abin da ya daskare ko ya yi danƙo ne jelatin ba, kuma a nan ne tsoro ke wuce gona da iri. Kafa, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira eko, sitacin masara ne ya kama ta. Kastad ma sitaci ne. Jam da ake shafa wa burodi yawanci da fektin ake yin sa, wanda ake samu daga ɓawon lemo da tuffa. Minti mai tauri yawanci sukari ne da ƙamshi. Alawar madara da gullisuwa da ake yi a gidajenmu ba ruwansu da wannan magana. Akwai kuma agar da karajinan, waɗanda daga ciyawar teku suke. Har ƙaron nan namu da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa ana fitar da shi waje, yana dawo mana a cikin alawa da lemon kwalba. Wanda ya ga lamba E440 a jikin leda, fektin ne. E406 agar ne, E407 karajinan, E414 kuma ƙaro. Duk daga tsiro suke.

Leda uku a teburi ɗaya

Washegarin gardamar, wasu daga cikinmu suka je wurin dattijon nan, ba don tuhuma ba. Aka gaisa, aka zauna a benci, aka roƙe shi ya fito da manyan ledojin da ya saro alawar a cikinsu daga Agbeni, domin jerin kayan haɗi a jikin babbar leda yake, ba a jikin ƙwayar da yake ƙirga wa yara ba. Ya fito da uku.

Ta farko, a jerin kayanta an rubuta "beef gelatine", ga tambarin halal, ga sunan hukumar da ta ba da shi, kuma an yi ta ne a Turkiyya. Wannan na shanu ne, kuma akwai wata hukuma mai suna da ta ɗauki nauyin cewa an yanka dabbar yadda ya kamata. Ba mu ga yankan da idonmu ba, amma naman da muke saye a Bodija ma ba mu ga yankansa ba. Shaidar amintacce muke ci.

Ta biyu ba ta da jelatin sam. Sukari ne, da sitaci, da E440. Da aka gutsura sai aka ji tana yankewa a haƙori, ba ta jan danƙo kamar roba. Wannan ita ce yaron ya fi zargi saboda launinta, alhali ita ce ba ta da ko ƙura.

Ta uku ita ce matsalar. An rubuta "gelatin" kawai, ba a ce na mene ne ba, ba tambari. Da an rubuta "pork" ko "porcine" da magana ta ƙare, na alade ne. Da an rubuta "bovine" mun san na shanu ne, saura tambayar yanka. Da "fish" ne, ba sauran zance. Amma shiru aka yi. Wani ya nuna lambar NAFDAC ya ce ai gwamnati ta duba. Gaskiya ne lambar na nuna an yi wa kayan rajista kuma an yarda a sayar da su, amma ba shaidar halal ba ce, aikinta daban. Wani kuma ya ce a jiƙa ta a ruwan zafi a shinshina. Wannan ba ya aiki. Ruwan ɗumi na iya nuna maka jelatin ne ko agar, domin jelatin zai narke, agar kuwa sai ruwa ya kusa tafasa. Amma ya nuna maka na alade ne ko na sa, wannan ko harshe ko hanci ba sa iyawa. Sai ɗakin gwaji mai na'urori, kuma su ma suna shan wuya, saboda dahuwar ta riga ta lalata mafi yawan alamomin da ake gane dabba da su.

To, ga inda muka tsaya: leda ɗaya mun sani, ɗaya ba ruwanta, ɗaya ba mu sani ba, kuma ba yadda za mu sani daga kan benci. Yaron bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, dattijon ma bai yi ba. Daga nan ne tambayar ta tashi daga hannun masu kimiyya ta dawo hannunmu.

Abu yana rabuwa da asalinsa?

Wannan tsohuwar tambaya ce, kuma malamai suna da suna gare ta: istihala, wato abu ya juye ya zama wani abu daban. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne giya da ta juye da kanta ta zama ruwan tsami na binega, ta halatta. Wani misalin shi ne almiski, wanda malamai suka ce asalinsa jini ne a jikin barewa, amma ba wanda ke ƙyamar shafa shi ya je masallaci. Mu ma manoma mun sani: taki ƙazanta ne, amma masarar da ta tsiro a kansa ba wanda ya ce najasa ce.

Shin jelatin irin wannan ne? Malaman zamani sun rabu. A 1995 an yi taron malamai da likitoci a Kuwait ƙarƙashin Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci, inda suka tafi a kan cewa jelatin da ya fito daga juyewar ƙashi da fata da jijiyar dabba mai najasa ya tsarkaka, kuma ana iya cin sa. Amma tun a 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman, ta ce bai halatta a ci jelatin alade a abinci ba, tunda akwai madadinsa daga tsiro da dabbar da aka yanka. Hukumomin halal na Malesiya da Indonesiya ma ba sa karɓar na alade.

Kowane ɓangare na da abin riƙo. Masu halattawa suna cewa dubi garin nan: ba kamar fata, ba warin fata, ba sunan fata, kuma yana yin abin da fata ba ta yi. Shari'a kuwa da suna da siffa take hukunci. Masu hanawa suna cewa ku koma tukunyar farfesu. Abin da masana'anta ta yi, in an cire asid da farar ƙasa da tacewa, shi ne abin da uwar gida ta yi: ta dafa fata har ta saki. Zaren ya warware, ya gutsuttsure, amma tubalan da aka gina shi da su suna nan, a jere kusan yadda suke. Sukarin inabi da ya zama binega ya zama wani sinadari daban ƙwarai. Kolajin da ya zama jelatin kuwa ya fi kama da igiya da aka warware. Da wani zai dafa ƙafar alade ya tace romon ya busar, wa zai ce ya halatta?

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu da akasarinmu muka tashi a kan karatun Malikiyya. Maganar ba ta tsaya a alade ba. Sa ɗin da ba a yanka ba mushe ne, kuma a mashahurin zance na mazhabarmu ƙashin mushe najasa ne, fatarsa ma jima ba ta tsarkake ta tsarki cikakke. Hanafawa kuwa suna ganin ƙashin mushe mai tsarki ne. Ke nan kalmar "na shanu" ita kaɗai ba ta rufe ƙofar tambaya ga kowa ba.

Mu ba masu fatawa ba ne, kuma wannan shafi ba zauren malam ba ne. Amma a namu ganin, hujjar tukunyar farfesu tana da nauyi, kuma alawa ba abinci ba ce da wani zai mutu in bai ci ba. Inda madadi ke teburi ɗaya, a farashi kusan ɗaya, barin mai shakka bai ci mana komai ba. Sai dai wanda ya bi ɗaya fatawar, malamai ya bi, ba son zuciya ba. Ba mu da ikon kiran sa maciyin alade.

Magani ba alawa ba ne

A nan ne muke jin tsoron kada gyara ya zama ɓarna. Bayan gardamar nan mun ji wata dattijuwa ta daina shan kafson da aka rubuta mata a asibiti, wai ta ji an ce da alade ake yi. Jikarta ce ta lura, ta ce: "Iya, ai saura kwana huɗu, likita ya ce a shanye." Ta ce ita ba za ta haɗu da Ubangijinta da wannan a cikinta ba. Niyyarta kyakkyawa ce, amma maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka yanke a tsakiya yana iya barin cutar ta dawo. Wasu kuma sukan ɓare kafso su juye garin a ruwa. Wani maganin ba ya damuwa da haka, wani kuwa an yi kwansonsa ko ƙwayoyin cikinsa ne don kada ya saki sai ya wuce ciki, ko ya saki a hankali. Ɓare irin wannan na iya ɓata aikinsa ko ya cutar.

Hanyar ita ce a tambayi likita ko mai ilimin haɗa magunguna: akwai wannan maganin a ƙwaya ko a ruwa? Sau da yawa akwai. Akwai ma kafso da ake yin kwansonsa daga tsiro. Idan babu, to malaman da suka tsananta a kan alawa ma da yawansu sun sassauta a kan magani, domin buƙata ta lafiya ba ɗaya take da kwaɗayi ba. Wanda ya auna alawa da magani da mudu ɗaya bai yi tsantseni ba, ya kasa bambancewa ne.

Wa ke da nauyin tambaya?

Yanzu mu koma teburin dattijo. Abin da ya faɗa cikin fushi shi ne: "Ni ban sani ba." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya wuce ba a kama mutum da shi in bai sani ba. Amma rashin sani iri biyu ne. Akwai wanda ba ka da hanyar kawar da shi, akwai wanda juya leda kawai zai kawar. Na farko uzuri ne. Na biyu yakan fara a uzuri, amma ranar da aka gaya maka akwai abin dubawa, ka ƙi dubawa, ya zama zaɓi.

Kuma nauyin ba ɗaya yake a kan kowa ba. Yaro ɗan shekara biyar da ya miƙa kuɗinsa ba ya ɗauke da komai. Uwarsa da ba ta taɓa ganin babbar ledar ba, nata kaɗan ne. Mai tireda shi ne ya riƙe ledar a hannunsa, shi ya buɗe ta, ya juye a kwalba, ya jefar da ita. Wanda ya saro kwali ɗari ya rarraba wa masu tireda, nasa ya fi. Duk wanda ya fi kusa da inda bayanin yake, kuma ya fi yawan bakunan da ke ci ta hannunsa, shi ya fi ɗaukar nauyin tambaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kan me sunan Bahaushe ya tsaya a garuruwan Kudu in ba a kan wannan ba? Wanda ya tsaya gaban mai tsire da dare bai tambayi wa ya yanka ba. Musulmi da Kirista duk suna saye, domin an san akwai tsari a bayan naman: akwai mai yanka, akwai Sarkin Fawa, akwai kunyar a ce mahauci ya sayar da mushe. Iyayen da ke tura yara teburin dattijo ba don arha suke yi ba. Sun ɗauka cewa abin da ya wuce ta hannun Malam an riga an duba shi. Wannan zato shi ne jarinsa na gaskiya, ya fi abin da ke cikin kwalaben. Amanar da kakanninmu suka gina a kan nama, yanzu leda ce ke gwada ta.

Amma nauyin yana da ɗaya gefen, kuma yaron nan da mu da muka yaɗa zancensa mu ne a ƙarƙashinsa. Ya karanta kalma ɗaya ya ce "alade", alhali ledar ba ta ce haka ba. Cewa "ban san daga ina yake ba" gaskiya ce. Cewa "na alade ne" ƙari ne, kuma ƙarin nan ya kusa rushe sana'ar mutumin da ya tsufa a cikinmu. Mun ma ji wasu sun fara cewa 'yan kasuwar Agbeni da gangan suke sayar mana. Wannan magana ce mai haɗari ga mutanen da ke zaune a garin wasu. Matar da ta sayar masa da kwalin ita ma ba ta ga masana'antar ba, kuma wataƙila Musulma ce kamarmu, tana ba nata jikokin. Mun san yadda ƙaramar magana ke zama wuta a kasuwa. Tsoron haram a baki bai kamata ya sa mu manta da haram na harshe ba.

Akwai wanda ya ce mana: in an buɗe wannan ƙofa ina za a tsaya? Yau alawa, gobe sabulu, jibi man shafawa, ƙarshe mutum ya zama mai waswasi. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Amsarmu ita ce ba a ce mu binciki komai ba. Asalin abinci halal ne, kuma ba a ɗora mana tonon abin da babu alamar shakka a kansa ba. Jelatin ya bambanta ne domin mun san tabbas daga dabba yake, mun san babban kasonsa a duniya na alade ne, kuma sunansa na rubuce a inda ido zai gani. Dubawa a nan minti ɗaya ce a kan kowane sabon kaya, ba aikin kullum ba.

Wani abu kuma da ya tsaya mana a rai. Mu ne ke kawo shanu Kudu, tirela bayan tirela. Ƙirginsu ana babbake shi a sayar ganda, ƙasusuwansu ana ƙonawa a niƙa a zuba a abincin kaji. Dabbobi ne da Musulmi suka yanka da hannunsu, wato irin kayan da masu yin jelatin na halal ke nema ido rufe. Amma muna zaune muna juya ledar da ta tsallako teku muna tambayar wa ya yanka. Wannan magana ce ta masu jari da yaranmu da suka karanta kimiyyar abinci, mun ajiye musu ita a nan.

Dattijon dai bai ce komai ba da aka gama karanta masa ledojin. Ya ɗauki ta ukun ya tura ƙarƙashin teburi, ya ce zai mayar in sun karɓa, in ba su karɓa ba asararsa ce. Sannan ya kira yaron ya ce: "Kai da ka iya karatun, ranar Asabar ka raka ni kasuwa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "To, Baba. A yi haƙuri da abin da na faɗa." Yanzu in kun bi ta layin za ku ga ya yanko jerin kayan haɗin daga kowace babbar leda ya manna a jikin kwalbarta da salatif. Wanda ke son dubawa ya duba.

Allah ya ciyar da mu halal, ya kuma tsare mana harsunanmu.